Izinin Kallo

Takardar ta zo cikin jakar Jonatan, a lanƙwashe, da maiƙon ƙosai a gefe guda. Ya miƙo min ita ina tsugune ina fifita gawayi, ya ce, "Inna, daga darakta ne, an ce kowa ya kai gida."

Sunana Salome. Wanki nake yi a asibitin mishan, zanen gado da rigunan masu tiyata, tun ina da ƙarfin ɗaukar bokiti biyu a tashi guda. Faransanci ban iya ba sai na gaisuwa da na zagi, amma Hausa ina karanta ta tsaf, don da Littafi Mai Tsarki na koya. Mushe Shadrak (Mushe muke ce wa malamin boko), daraktan kolejin da Jonatan yake, ya san irinmu da yawa cikin uwayen yara, shi ya sa ya buga takardar fuska biyu, Faransanci a gaba, Hausa a baya. Na juya bayan na karanta, gawayin ya mutu ban ko lura ba.

"Zuwa ga uwayen yara," in ji takardar. "Daga wannan zango, sakamakon jarrabawa da lissafin fashin ɗalibi za su fito a dandalin intanet na lakkwal, wato makarantarmu. Wanda zai iya buɗe shafin yaro shi ne uba ko uwa da ke rubuce a dosiyen yaron, wato fayil ɗinsa, ko mai riƙo da ke da takardar kotu. Mun aika da sunan shiga da lambar sirri ta mesaj zuwa lambar salular da ke cikin dosiye. Ranar da kunka fara shiga, ku canza lambar sirrin, kuma kada ku ba kowa ita. Kowa shafin ɗansa kaɗai zai gani. Wanda ke son a buɗe wa mutum na biyu, ya sa hannu a takardar izini, ya haɗo da hoton katin ɗan ƙasarsa. Malamai da sakatare ba su da damar faɗa wa wani dabam sakamako, ko a taga, ko ta waya. Buletin, wato takardar sakamako, ma mai shafin kaɗai za a ba. Mun yi haka don mu tsare sirrin yara."

Na ɗauko salulata na duba mesaj. Babu komai sai tallan kamfani.

To, bari in gaya muku yadda Jonatan ya zama nawa. Ni Ubangiji bai ba ni haihuwa ba, mijina kuma ya rasu tun muna da sauran ƙuruciya. Ƙanena Yakubu, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a Madawa, da matarsa Rahila ta haifi ɗan fari, ranar da anka yaye shi Yakubu ya ɗauko shi da kansa a babur, ya sauke min shi a tsakar gida, ya ce, "Yaya, ga naki." Shi ke nan. Ba alƙali, ba sa hannu, ba tambari. Wa ke neman takarda wurin ƙanensa? Haka anka riƙe ni ni ma, a gidan gwaggona na girma a Garhanga, kuma ban taɓa jin wani ya tambaye ta shaida ba.

Ranar da na kai yaron kolej anka ba ni fom in cika. Wurin sunan uba na sa Yakubu, don shi ke kan takardar haihuwa. Wurin lambar waya ma na sa tasa. Tawa tana hannuna, a tafina, amma ai ba a ajiye uban yaro yana raye a rubuta gwaggo, sai ka ce shege na kawo. Girmamawa ce na yi wa ƙanena, kuma duk matar da ta san gida abin da za ta yi ke nan.

Da safe na roƙi wata abokiyar aikina ta tsare min injin wanki, na nufi lakkwal. Mushe Shadrak dattijo ne a majami'armu, benci biyu ne tsakanina da matarsa ranar Lahadi. Ya tashi ya ba ni kujera, ya tambayi gajiya, ya tambayi asibiti. Na ajiye takardar a teburinsa.

"Mushe, ni ce anka manta."

Ya taɓa na'urarsa, ya karkata kai. "Ba a manta ki ba, Maman Jonatan. Mesaj ɗin ya tafi wurin Yakubu. Lambarsa ce a dosiye."

"Ka ji abin da ka kira ni yanzu? Maman wa ka ce?"

"Na ji."

"To buɗe ka nuna min. Ga shi nan gabanka, juyo da ita kawai."

Bai juyo ba. Ya ma ƙara jan na'urar wajensa, a hankali, kamar ba da gangan ba. Wallahi da ba majami'a ɗaya muke ba, da na gaya masa abin da zai kwana da shi. Ya ce, "Bara wani kawu ya zo ya karɓi buletin ɗin wata yarinya, ya ce shi ke riƙonta. Munka ba shi. Ashe rigimar gida ce, kafin yamma an ɗauki hoton abin an watsa a waya, unguwa duka ta san yarinyar ta faɗi. Ba ta sake takowa nan ba. In na buɗe miki yau don na san ki, gobe wani zai zo ya ce ai shi ma na san shi."

"Ni ka haɗa da kawun ƙarya? Wa ya kawo maka takardun likita lokacin da yaron ga ke kwance? Wa ke zama a taron uwaye, rana na dukan kansa?"

"Ke ce. Ba wanda ya musa. Abin da sauƙi yake, Maman Jonatan." Ya zaro wata takarda daga aljihun tebur. "Yakubu ya sa hannu nan, ya haɗo hoton katinsa, mu buɗe miki naki shafin. Ko kuwa ki je kotu a yi miki takardar riƙo, amma can ma sai an kira shi, kuma zai ɗauki lokaci."

Na karɓi takardar na fito, ban yi masa sai an jima ba.

Abin da ya sa raina ya tashi haka, zangon nan bai yi wa Jonatan kyau ba, kuma na sani. Yaron yana da amosanin jini. In ciwon ya taso, ƙasusuwansa ne ke ci, ya naɗe a tabarma yana cizon zanena don kada maƙwabta su ji kukansa. A farkon zangon ya taso masa sau biyu, na biyun sai da anka ƙara masa jini. Ya yi makonni bai ga allo ba. Duk shekara ni ke karɓar buletin, in ninke shi in sa ƙarƙashin Littafi, in san darasin da ya zame, in je in sami malamin mu yi magana. Yakubu in ya kira, "Yaya karatu?" in ce, "Da godiya," ya ce, "Madalla," mu koma zancen farashin albasa. Haka muke tun yaron yana ajin farko, kuma ba wanda ya cutu.

Da yamma Jonatan ya ga takardar izinin a kan akwati. Ya karanta, sannan ya ce, "Inna, ki bar shi mana. Ni zan gaya miki makin da na samu. Ai ana maido mana takardunmu."

"Har da mwayen, matsakaicin makin darussa duka?"

"Ita ce ba a faɗa ba tukuna."

"To ita nake so in gani da idona."

"Baba bai ma san an aiko masa ba. Ba ya karanta mesaj. Ki bar shi yadda yake."

Na ce, "Kai, rufe min baki. Ni da na wanke kashinka zan zauna ina jiran labari daga bakinka, kamar baƙuwa?" Ya ɗauki bokiti ya tafi famfo.

Asabar na hau mota zuwa Madawa. Na ishe Yakubu a gida, ya dawo daga Agadas ke nan, yana zaune ƙarƙashin rumfa da ƙafa cikin ruwan ɗumi. Rahila ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo fura. Rahila mace ce mai sanyi, kuma tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ta haifi Jonatan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron wajenki" take cewa, shi ma sai ta kau da kai. Ranar ma haka ta yi. "Yaya, kun baro mutanen gida lafiya?" ta ce, na ce lafiya lau, ta koma madafa.

Na ba Yakubu takardar na yi masa bayani. Ya yi dariya. "Yanzu lakkwal ta shiga salula? To ina abin yake?" Ya miƙo min wayar, gilashinta a tsage. Mesaj sun fi a ƙirga, bai buɗe ko ɗaya ba. Na yi ta ja har na kai ga na lakkwal, na nuna masa.

Ya daɗe yana kallonsa. Fuskarsa ta canza, ta yi wani irin haske, kamar yaron da anka ba sabuwar riga. "Ni sunka aiko wa," ya ce. "Da sunana."

"Kai ne uba a takarda. Sa hannu nan in kama hanya kafin rana ta yi."

"Haba Yaya, saurin mi? Tun da ni anka ba, bari in fara gani tukun. Katina ma yana cikin mota. In na shigo garinku sai in kawo miki."

Na so in matsa, amma ƙanena ne, a gidansa, matarsa tana ji. Na shanye furar na tashi.

Sati na zagayowa ya zo, ranar Lahadi, mun fito daga sujada ke nan. Tun daga yadda ya jingine babur ɗin na san ba lafiya. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba. Ya ce Jonatan ya ba mu wuri, yaron ya shiga ɗaki, ɗakin da labule ne kawai ƙofarsa.

Ga abin da ya faru. Yakubu a firamare ya tsaya, kuma abin da ya koya na Faransanci hanya ta cinye shi. Da ya kasa shiga shafin, sai ya kai wayar tasha, wurin mai cajin salula. Shi kuwa ya shigar masa, ya tsaya a tsakiyar direbobi da ƴan lodi ya karanta da ƙarfi, darasi bayan darasi, kamar mai shela. Lissafi huɗu bisa ashirin. Faransanci bakwai. Mwayen bakwai da rabi. Shi ne na kusa da ƙarshe a aji. Sannan fashi, jeri guda har sai an ja ƙasa. A gefen kowane fashi an rubuta cewa da dalili, rashin lafiya ne, daga baya Mushe Shadrak ya tabbatar min da haka. Mai cajin bai karanta wannan gefen ba, ko bai gani ba, ko bai ga daɗinsa ba. Tasha ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Yakubu, wannan ne likitan da kake mana alfahari da shi?"

Ashe alfahari yake yi da shi. Ni ban sani ba. Shekara da shekaru yana gaya wa abokan tuƙinsa ɗansa na kolejin mishan, likita zai zama.

"Kin ce min da godiya," ya ce. "Kullum da godiya. Wannan ce godiyar?"

"Yaron ya yi ciwo, Yakubu. An ƙara masa jini. Na kira ka kana Arlit, ka ce Allah ya sawwaƙe."

"Sanyin ƙashi ne, kowa na yi. Ni ma ƙafata kumbura take."

"Ba sanyin ƙashi ba ne! Ka taɓa kwana a kansa? Ka taɓa riƙe shi yana cewa a yanke masa ƙafa ya huta?"

"Kin lalata shi da lallashi, shi ke nan. Boko ba nasa ba ne, na gani da idona, baƙi bisa fari. Aparantina, yaron motata, ya gudu wurin haƙar zinariya, ga albasa ta fito. Zai bi ni. Ya koyi abin da zai ci da shi tun ina da ƙarfin koya masa."

Na san aikin aparanti. Shi ke saman buhu rana na gasa shi, shi ke ƙarƙashin mota yana kwance taya, shi ke kwana a ƙasa yana gadin kaya. Ruwan sha sai wanda ke jarka, da zafi, kuma ba a tsayawa don wani yana ƙishirwa. Likitan da ke duba Jonatan abu uku ya hana shi: ƙishirwa, gajiya, da sanyin asuba. Duka ukun su ne hanyar Agadas.

Na ce, "Ka ba ni shi. Da bakinka ka ce ga naki."

"Na ba ki riƙo, Yaya. Ban sayar miki ba."

Na zage shi. Ba zan ɓoye ba, na zage shi da sunan da uwarmu ke kiransa in ya yi fitsarin kwance, a gaban maƙwabtan da sunka leƙo ta katanga. Ya hau babur ɗinsa, ya ce jibi da safe motar za ta biyo ta bakin titi, a shirya masa kaya.

Litinin ban je aiki ba. Na fara da Mushe Shadrak. Da na gaya masa yadda anka karanta sakamakon a tasha, sai ya cire tabarau ya dafe goshi. "Na rubuta kada a ba kowa lambar," ya ce. "Na rubuta da Hausa ma."

"Ka rubuta wa wa? Mutumin da ba ya karanta mesaj? Ni da ke karantawa ka rufe min, shi da sai an karanta masa ka buɗe masa. To ga sirrin yaro nan, an tsare shi, har ƴan lodi sun haddace."

Bai yi musu ba. Ya kira Yakubu nan take a gabana, ya sa muryar a fili. Ya gaya masa mwayen ɗin zango ɗaya ba ta yanke wa yaro hukunci, akwai zango na biyu, ko ya faɗi ma zai iya maimaita aji. Ya gaya masa fashin duka da takardar likita. Ya ce yaron na da kai, malamin kimiyya ma shaida ne. Yakubu ya saurara da ladabi, yana "To, Mushe. Haka ne, Mushe." Da darakta ya gama sai ya ce, "Mushe, a takardarku wa kunka ce ke da yaro?" Kafin Mushe Shadrak ya buɗe baki, Yakubu ya ce, "To na gode," ya kashe.

Na je wurin fasto. Ya yi min addu'a mai tsawo, ya ce zai yi magana da faston su Yakubu, amma in sani ikilisiya ba ta raba ɗa da ubansa. Wata a zumuntar mata ta ce in ɓoye yaron a Garhanga. In ɓoye shi wurin wa? Dangin da ke can dangin Yakubu ne kamar yadda suke nawa, kafin in sauka daga mota an kira shi.

Mutum ɗaya ta rage, Rahila. Ita ma sunanta na kan takardar haihuwa, kuma Yakubu, duk taurin kansa, yana jin maganarta in ta yi, don ba ta cika yi ba. Na kira ta. Na ce, "Rahila, ɗanki za a ɗora bisa kamiyo. Kin san jininsa. Ki buɗe baki."

Na ji numfashinta a wayar, na ji tana jan hanci. Ta ce, "Yaya, ni mi zan ce a kan yaron wajenki? Da wane ido?"

"Da idon da kinka haife shi! Jonatan sunansa. Faɗi, Jonatan!"

Ba ta faɗa ba. Kuka take sosai, ina ji, amma ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ku da Baban su kun fi ni sani," sai layin ya yanke. Na tsani kunya ranar, na tsane ta har cikin raina, ni da na yi shekaru ina yabon Rahila a kanta.

Jonatan shi ya haɗa kayansa da kansa. Na zauna a bakin gado ina kallo. Ya ajiye littattafansa a kan akwati, a jere, ya sa riguna uku a buhu. Na tashi na ƙulla masa magungunansa a leda, na sa katin asibitinsa a ciki, na ba shi gorar ruwa babba da rigar sanyin marigayi mijina. Na ce, "Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. In ka ji ƙafar ta fara, ka faɗa, kada ka yi jarumta." Ya ce to. Bai ce min "na gaya miki" ba. Da ya faɗa da ya fi min sauƙi, sai in samu abin yi wa faɗa.

Talata da hantsi motar ta tsaya a bakin titi, an lafta mata albasa har ta karkace, warin ya cika wurin. Yakubu ya sauko. Hushinsa ya huce, har ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Yaya, kada ki sa abin a rai. Ɗana ne, ba zan kashe shi ba. Gaba zan sa shi, kusa da ni." Na dubi gaban motar, mai kayan na zaune a ciki da wani ɗan'uwansa. Wurin mutum na uku babu.

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar izinin, ya sa hannu a ƙasa da babban rubutunsa na ɗan firamare, ga hoton katin an maƙala da allura. "Ga abin da kinka je nema," ya ce. "Ban manta ba." Da zuciya ɗaya ya ba ni, yana ganin alheri ya yi min. Jonatan ya taka taya ya hau saman buhunan, ya zauna da gorar a cinyarsa. Ya ɗaga min hannu sau ɗaya, motar ta tashi.

Na yi niyyar jefa takardar a murhu. Kwana biyu tana kan akwati, kusa da littattafan. A na uku na kai ta lakkwal, ban san dalili ba, wataƙila don ƙafata ta saba da hanyar. Sakatariyar ta duba sa hannun, ta duba katin, ta rubuta lambata. Kafin in kai ƙofar asibiti salulata ta yi ƙara. Sunan shiga da lambar sirri, da sunana, Salome.

Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna min inda ake dannawa, na juya mata baya na sa lambar, na canza ta kamar yadda darakta ya ce. Shafin ya buɗe. Ga hotonsa da rigar lakkwal, wadda na goge masa da safen da anka ɗauka. Ga bakwai da rabi. A ƙasan makin akwai layin da malamin kimiyya ya rubuta, ma'aikaciyar ta fassara min: ɗalibi mai ƙoƙari, ciwo ya ja shi baya, zai iya cim ma sauran. Shi ma mai cajin bai karanta shi ba.

Sunan Jonatan bai fita daga rajista ba, don sai uba ya zo ya sa hannu ake cire yaro, Yakubu kuwa yana hanya. Saboda haka kowace safiya ana kiran suna a aji, ba ya amsawa, a rubuta. Wajen hantsi sai sabon layi ya fito a shafin. Na koyi kalmar da kaina, ba wanda ya koya min: bai zo ba, babu dalili.

Wannan "babu dalili" shi ya ƙone ni. Na koma wurin Mushe Shadrak na ce a gyara, yaron ba gudun lakkwal ya yi ba, ɗaukarsa anka yi. A rubuta gaskiya, ko don ranar da zai dawo. Ya dube ni, idonsa ya yi ja, na ga shi ma abin na cinsa. Ya ce, "Yanzu dalilin fashi mai shafin farko ne ke bayarwa, Maman Jonatan. Naki izinin na kallo ne kawai."

Rezo, sabis ɗin waya, babu a yawancin hanyar can, wayar Yakubu sai a yi ta kira ba ta shiga. Sau ɗaya na same su, suna wani gari gaban Abalak, taya ta fashe. Na ce a ba ni yaron. Muryarsa ta yi ƙasa, a shaƙe, irin wadda na sani. Na ce, "Ƙafar ce?" Ya ce, "A'a, Inna, lafiya lau," sannan na ji Yakubu daga nesa yana kiransa ya kawo jak. Tun ranar ban sake samunsu ba.

Mutane na cewa da na bar takardar nan yadda ta zo da yanzu yaron na aji. Su ce. Ni dai in hantsi ya yi ina tsame hannuna daga ruwan sabulu, in goge a zane, in koma bayan injin inda ba mai ganina, in sa lambar sirrina da ban taɓa ba kowa ba. Yau ma na duba. Bai zo ba.